Yadda Kamfani Ke Magana da Murya Ɗaya Alhali Marubutansa Suna da Yawa

Kamfanin da ke hulɗa da jama'a kullum yana fitar da gajerun rubuce-rubuce masu yawan gaske: tallar rediyo ta daƙiƙa 30, saƙon waya mai layi biyu, maganar da aka naɗa wadda mai kira ke ji kafin ma'aikaci ya ɗauka, da 'yar sanarwar da ake liƙawa a shagon wakili. Mutum ɗaya ba ya iya rubuta su duka. Wasu ma'aikatan kamfanin ne ke rubutawa, wasu kamfanin talla da aka ba kwangila, wasu kuma ma'aikatan gidan rediyon da za a sa tallar. Mai sauraro bai san da wannan rabon aiki ba, kuma ba ruwansa da shi. A kunnensa mai magana ɗaya ne. Idan yau ya ji an yi masa magana cikin ladabi, gobe kuma an kira shi "oga" ana yi masa ba'a, sai ya fara shakkar ko saƙon daga kamfanin ya fito. Ga kamfanin da ke riƙe da kuɗin mutane wannan shakka tana da tsada, domin 'yan damfara ma da sunan kamfanin suke aika saƙo, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da ke tona musu asiri shi ne maganarsu ba ta yi kama da ta kamfanin ba.

Masu wannan sana'a suna raba abu biyu: murya da lafazi. Murya ita ce halin kamfanin da ba ya canzawa, wato irin kalmomin da yake zaɓa, yadda yake kiran mai sauraro, da abin da ba zai taɓa faɗa ba. Lafazi kuwa yana bin halin da mai sauraro yake ciki. Dattijon da ya je barkar suna da safe, ya je ta'aziyya da yamma, maganarsa ta bambanta a wuraren biyu, amma duk wanda ya san shi zai gane shi ne ko da daga bayan zaure ya jiyo shi. Kamfanin Mailchimp na birnin Atlanta a Amurka, mai harkar aika saƙonnin imel na kasuwanci, yana cikin waɗanda suka yaɗa wannan rarrabewa, domin ya buɗe kundin salon rubutunsa ga kowa ya karanta, kuma a ciki ya nuna cewa raha ta dace da wanda aikinsa ya tafi daidai, ba ta dace da wanda ya gamu da matsala ba. A 2016 kuma cibiyar bincike ta Nielsen Norman Group ta fitar da ma'auni huɗu na auna lafazi: tsakanin raha da rashinta, tsakanin maganar hukuma da ta hira, tsakanin girmamawa da tsokana, da tsakanin zumuɗi da faɗin abu yadda yake. Ma'aunan suna da amfani wajen fara tattaunawa, amma an tsara su ne da Turanci a rai, kuma akwai tambayoyin da Hausa ke tilasta wa marubuci amsawa waɗanda ba su taɓo ba.

Inda ake fara kuskure

Yawancin kamfanoni suna fara wannan aiki da jera kyawawan siffofi a takarda: mu masu gaskiya ne, masu sauƙin kai, masu kusanci da jama'a. Babu ƙarya a ciki, amma ba ya hana komai. A ba marubuta huɗu kalmar "kusanci", kowa zai fassara ta da abin da ya sani. Abin da ke riƙe murya shi ne hukunci a kan ƙananan abubuwa, an yanke shi sau ɗaya, an rubuta, an haɗa da misali.

A ɗauka akwai kamfanin tura kuɗi ta waya mai wakilai a Kano da Sakkwato da Jos da Yola, ya ba marubuta huɗu aiki ɗaya: su gargaɗi mutane kada su ba kowa lambar sirrinsu. Na farko, wanda ya saba da rubutun ofis, ya kawo: "Ana sanar da ɗaukacin abokan hulɗa cewa kamfani ba zai nemi lambar sirrinsu ba a kowane hali." Na biyu, matashi, ya rubuta: "Oga, kar ka bari a yi maka wayo! Fin ɗinka naka ne kai kaɗai." Na uku ya rubuta da harshen garinsu: "Kar ku ba kowa lambarku, ko da ya ce shi ma'aikacinmu na." Na huɗu ya ɗauko salon wa'azi: "Jama'a a ji tsoron Allah, a kiyaye amanar dukiya, kada a miƙa sirri ga azzalumai." Kowannensu Hausa ce mai kyau, kuma kowannensu zai iya rantsewa ya bi umarnin gaskiya da kusanci. Amma idan aka jera su, kamfanoni huɗu ne ke magana.

Bambancin farko da ke fitowa fili shi ne yadda aka kira mai sauraro. Marubucin Turanci yana da kalma ɗaya da ke ɗaukar namiji da mace da jama'a, marubucin Hausa kuwa dole ya zaɓa tsakanin kai, ke, ku, da kuma "a" ta wanda ba a ambata ba. "Kai" yana da zafi da kusanci, amma ya bar mata a waje, alhali kamfani ba ya sanin wanda ke riƙe da wayar. Rubuta "ka/ki" yana yiwuwa a takarda, ba ya karantuwa a rediyo. "A" tana da ladabi, sai dai tana nesanta mai magana, tana kama da sanarwar hukuma. Shi ya sa "ku" ya fi dacewa da irin wannan kamfani: yana ɗaukar mace da namiji, yana ɗaukar mutum ɗaya cikin girmamawa, yana ɗaukar taro. Haka nan dole a yanke yadda kamfanin zai kira kansa, ko "mu" ko sunansa. Mai cewa "mun yi kuskure" ya ɗauki alhaki, mai cewa "an samu tangarɗa" ya zame. Wannan hukunci guda, na "mu" da "ku", yana gyara fiye da rabin rarrabuwar da ake ji a tsakanin rubuce-rubuce, kuma layi ɗaya ya ishe shi a kundin salo.

Na biyu shi ne jerin kalmomi. Ga kowane abu da kamfanin ke ambata kullum, a zaɓi suna ɗaya: lambar sirri ko fin, asusu ko akawun, tura kuɗi ko taransifa, wakili ko ejan. Zaɓin bai kamata ya zama na son tsarkake harshe ba. Hanyar da ta fi ita ce a je shagon wakili a saurari abin da mutane ke faɗa, sannan a duba abin da ke rubuce a fuskar wayarsu. Idan wayar ta nuna PIN, rediyo ya ce lambar sirri, saƙo ya ce kalmar sirri, tsohuwar da ke karɓar kuɗin da ɗanta ya aiko za ta ɗauka abubuwa uku ne. Jerin ba ya buƙatar tsawo. Kalmomi talatin zuwa hamsin sukan wadatar, kowace da wadda aka zaɓa, da waɗanda aka bari, da dalili a taƙaice. Dalilin yana da muhimmanci, domin marubucin da bai san dalili ba zai sake tayar da gardamar bayan wata uku.

Na uku shi ne karin harshe. Daidaitacciyar Hausa ta ginu ne bisa Kananci, kuma ita aka saba ji a labarun rediyo, don haka ita ce mafi sauƙin zama muryar kamfani. Basakkwace zai ce "na" da "ta" inda Bakano ke cewa "ne" da "ce", kuma a Hausar Zazzau da ta Bauchi ba a cika tsananta bambancin namiji da mace a nahawu ba. Babu wanda ya yi kuskure a cikinsu. Matsalar tana zuwa ne idan karin ya shiga rubutu ba da niyya ba, don kawai marubucin ranar ɗan can ne. Akwai kuma masu sauraro da yawa a Jos da Yola da Maiduguri waɗanda Hausa harshensu na biyu ne, kuma karin magana mai zurfi kan wuce su.

Idan aka bi waɗannan hukunce-hukunce uku, saƙon gargaɗin zai iya zama: "Kada ku ba kowa lambar sirrinku. Ma'aikatanmu ba sa tambayar ta, ko a waya ko a shago. Duk wanda ya tambaya, ku kashe wayar." Jimloli uku ne gajeru, umarni ya zo a farko, babu ba'a, babu wa'azi, kuma an gaya wa mutum abin da zai yi. Ko wane ne daga cikin marubutan huɗu zai iya rubuta mai kama da shi gobe a kan wani batu.

Wannan saƙon yana da wata fa'ida da ba kowa zai lura da ita ba: bai kai haruffa 130 ba, kuma babu harafi mai ƙugiya a cikinsa. Saƙon waya na gargajiya yana ɗaukar haruffa 160 ne idan duk haruffan suna cikin jerin da aka tsara wa wayoyi tun farko. Da zarar ƙ ko ɗ ko ɓ ta shiga, ko da guda ɗaya ce, sai tsarin ya koma wani da ke ɗaukar haruffa 70 kacal, saƙon ya rabu biyu ko uku, kuɗin aikawa ya ninka. Hatta lanƙwasasshiyar alamar hamza da wasu manhajojin rubutu ke sakawa da kansu a "ma'aikata" tana jawo haka. Kamfanin kuɗi ba zai iya guje wa kalmar kuɗi ba, don haka dole kundin ya faɗi matsayinsa: ko a biya a riƙe ƙugiya ko'ina, ko a sauke ta a saƙon waya kaɗai a riƙe ta a allo da takarda. Duk wanda aka zaɓa ya fi a bar kowane marubuci da ra'ayinsa.

Lafazi, da inda raha ke tsayawa

Bayan an kafa murya, sai a rarraba yanayin da mai sauraro zai iya kasancewa a ciki. Ga kamfanin misalin nan, uku sun fi yawa: lokacin murna kamar garaɓasar Sallah, lokacin koyarwa kamar bayanin yadda ake buɗe asusu, da lokacin damuwa kamar kuɗin da aka tura bai isa ba. A na farko an yarda da kiɗa da raha da gaisuwa mai tsawo. A na biyu ana son haƙuri, mataki ɗaya a jimla ɗaya. A na uku ake gane kamfanin da ya san abin da yake yi. Wanda kuɗinsa ya maƙale ba ya son barka da war haka, ba ya son karin magana a kan haƙuri. Yana son abu uku a jere: me ya faru, me za a yi, yaushe. "Kuɗin da kuka tura bai isa ba. Za mu mayar da shi asusunku cikin awa 24. Idan bai dawo ba, ku kira mu." "Mu" da "ku" suna nan, jimlolin gajeru ne kamar na gargaɗin, murya ba ta canza ba. Adadin awannin kuwa ba na marubuci ba ne. Daga sashen da ke mayar da kuɗin zai fito, domin alƙawarin da aka ƙaga don jimla ta yi daɗi shi ne mafi saurin zubar da mutuncin kamfani.

A nan ne ake gamuwa da maganar kalmomin addini, wadda marubuta kan yi ta jayayya a kai. Sallama da "in sha Allah" suna cikin maganar yau da kullum, kuma barin su gaba ɗaya kan sa rubutu ya yi sanyi. Amma "za mu mayar da kuɗinku in sha Allah" a kunnen wanda ya fusata tana iya zama kamar hanyar zillewa. Masu jin Hausa kuma ba duka Musulmi ba ne. Mafita mai ma'ana ita ce a ware: gaisuwar addini a saƙonnin bukukuwa, kowane biki da tasa, alƙawarin lokaci da na kuɗi kuma a faɗe shi a sarari. Wani kamfanin zai iya yanke akasin haka bisa sanin mutanensa. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a bar shi ga wanda ya zo aiki ranar.

Raha ma tana buƙatar iyaka a rubuce. Barkwancin da ke tsakanin Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zagezagi, yana da daɗi a bakin masu shi domin akwai tsohuwar alaƙa da ta halatta shi. Kamfani ba taubashin kowa ba ne. Tallar da ta mayar da baƙauye ko wata ƙabila ko mace abin dariya za ta sa wasu dariya, ta kori wasu. Ƙa'idar da ta fi aminci ita ce a yi dariya a kan matsalar, kamar dogon layi ko yagaggen kuɗi, kada a yi a kan mai sauraro.

Tallar rediyo mai wasan kwaikwayo tana da nata sassauci. Daƙiƙa 30 tana ɗaukar kalmomi kimanin 60 zuwa 75 idan ba a yi gaggawa ba, kuma yawanci kashi biyu cikin uku na 'yan wasa ne. Su an yarda su yi magana yadda mutane ke yi: ɗan kasuwar ya yi Sakkwatanci, matashin ya ce taransifa, su kira juna kai da ke. Amma daƙiƙu goma na ƙarshe na kamfani ne, kuma a nan dokar murya take dawowa daram, da kalmomin jerin, da "ku", da rufewa iri ɗaya a kowace talla. Marubutan da ba a bayyana musu wannan rabo ba sukan faɗa ɗayan ramuka biyu: ko su sa 'yan wasa magana kamar takardar ofis, ko su bar mai sanarwa ya ci gaba da wasan.

Yadda ake tsare ta a aikace

Kundin salo da ya wuce shafi huɗu ko biyar ba a karanta shi, musamman ga wanda aka ba aiki da safe ana so da azahar. Abin da marubuta ke komawa gare shi shi ne misalai: rubuce-rubuce goma ko goma sha biyu da aka amince da su, kowanne da gurɓataccensa a gefe da layi ɗaya na abin da ya ɓata shi. Tare da kowane sabon aiki kuma ana ba da 'yar takardar umarni mai amsa tambayoyi kaɗan: wa ake yi wa magana, wane hali yake ciki, wane abu ɗaya ake so ya yi, daƙiƙa ko haruffa nawa ne, da waɗanne alƙaluma ne ba a taɓawa.

Sai edita, kuma ya kamata ya zama mutum ɗaya. Kwamiti yana iya amincewa da kundi, amma ba ya iya jin murya. Editan ba ya duba rubutu ɗaya-ɗaya yadda suke shigowa, domin kowanne shi kaɗai zai yi kyau. Yana tara na mako guda, ya karanta su a jere da babbar murya, da agogo a hannu. A haka ne ake jin inda "ku" ya koma "ka" a tsakiyar jimla, inda asusu ya zama akawun, da inda jimla ta yi tsawon da numfashi ba ya kaiwa. Akwai gwaji biyu masu sauƙi. Na farko, a rufe sunayen marubuta a ba wani abokin aiki ya faɗi wanda ya rubuta kowanne, idan ya cika dacewa, muryar marubutan ta rinjayi ta kamfani. Na biyu, a cire sunan kamfanin a gauraya rubutun da na abokan hamayya. Idan ba a iya tsamo shi ba, an samu daidaito amma babu hali, kuma wannan ita ce illar tsananta doka: rubutu ya zama ba laifi, ba kuma abin tunawa. Maganinta shi ne a ƙulle abubuwa kaɗan da ƙarfi, a saki labari da hoto da dabara ga marubuci.

Yawancin ɓarna ma ba a teburin marubuci take faruwa ba. Manyan kamfanonin talla na Nijeriya galibi a Legas suke, kuma sau da yawa da Turanci ake tsara talla sannan a aiko a mayar da ita Hausa, Yarbanci da Ibo. Idan kowane zagaye mai fassara daban aka ba, muryar Hausar za ta riƙa sauyawa ko da ta Turancin ba ta motsa ba, kuma wanda ya amince da aikin a can ba ya jin bambancin. Gara a ba marubucin Hausa takardar umarnin ya rubuta daga tushe. Wuri na biyu shi ne ɗakin naɗar murya, inda ɗan wasa kan canza kalma don ta fi masa daɗin faɗa. Na uku shi ne tallar da mai gabatar da shiri ke karantawa kai tsaye, inda yakan ƙara gishiri har ya yi alƙawarin da kamfani bai yi ba. Ga wannan, ana ba shi takarda mai kashi biyu: abin da zai faɗa yadda ya ga dama, da jimlolin da zai karanta harafi da harafi, wato farashi, sharuɗɗa da gargaɗi. Doka ma tana da hannu a nan, domin a Nijeriya hukumar ARCON, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin APCON, tana tantance talla kafin a yaɗa ta, kuma tallar magani da abinci tana buƙatar amincewar NAFDAC. Abin da aka ƙara a baki bayan tantancewa ba ya cikin abin da aka amince da shi.

Idan kamfanin ya tsallaka iyaka zuwa Maraɗi ko Damagaram, halin muryar yana nan amma jerin kalmomin dole a sake shi. A Nijar kalmomin aro da yawa daga Faransanci suke, ana rubuta ƴ inda Nijeriya ke rubuta 'y, kuma lissafin kuɗi a baki da dala ake yi, wadda take sefa biyar, har sefa dubu ta zama jika ɗaya. Rubutun da ya ce "dubu" ba tare da an tantance ba zai iya sa mai sauraro ya fahimci wani adadi daban. Don haka kundin yakan rabu biyu: sashen hali, wanda yake ɗaya ko'ina, da sashen kalmomi da alƙaluma, wanda kowace ƙasa ke da nata editan.

Kundin kansa yana tsufa. Kamfani yana fito da sabon abu da ba shi da suna a jerin, ko mutane su yi watsi da kalmar da aka zaɓa su kama wata. Editan yana ajiye rajistar duk hukuncin da ya yanke a kan sabon lamari, da kwanan wata da dalili, ana shigar da su kundin duk bayan 'yan watanni. Idan aka sauya kalma, ana bin tsofaffin saƙonnin da na'ura ke aikawa da kanta da muryoyin da aka naɗa a layin kira a gyara su a lokaci guda, domin su ne aka fi mantawa, kuma su ne abokin hulɗa ya fi ji.